Duban ƙarshe na littafin umarni: lambobin matakai, kalmomin umarni da gargaɗin da ba a taɓa ma'anarsa

Mai karanta littafin umarni yawanci hannunsa ɗaya yana kan na'ura, idonsa yana kai da komo tsakanin takarda da aikin. Ya karanta layi ɗaya, ya ɗaga kai ya aikata, ya dawo yana neman inda ya tsaya. Wannan mutumin shi ne za ka riƙe a zuciya idan aka ba ka littafin umarni ka duba kafin a buga. Kuskuren da za a yafe wa labari ko maƙala, a nan yana iya zama injin da ya ƙone ko hannun da ya sale.

Za mu bi aikin da misali ɗaya: ɗan littafin ƙaramin janareta mai amfani da fetur, wanda aka rubuta da Hausa daga asalin da kamfani ya bayar. Abin da ya shafi janareta ya shafi tukunyar gas, na'urar tace ruwa ko injin ɗinki, sai dai sunayen sassan su bambanta.

Abin da za ka tara kafin ka fara

Kada ka karɓi rubutun shi kaɗai. Nemi asalin da aka ɗauko shi daga gare shi, da zanen sassan na'urar mai lambobi, da hoton duk wata takardar gargaɗi da aka manna a jikin na'urar. Idan za a iya kawo na'urar kanta, ya fi. Sannan ka san sunan wanda ke da ikon amsa tambayar fasaha, injiniya ko mai kula da ingancin kaya, domin akwai kurakuran da kai za ka gyara da hannunka, akwai kuma waɗanda aikinka ya tsaya a kan nuna su. Harafin da ya faɗi naka ne. Lambar da ba ta yi daidai da wata ba, ta injiniya ce, ko da kana ganin ka san wadda ta dace.

Ka duba rubutun a siffar da za a buga shi, ma'ana bayan an tsara shafuka, domin yawancin ɓarnar lambobi da gargaɗi wajen tsara shafi take faruwa. Kuma ka raba karatun gida uku, kowane zagaye da abin da yake nema. Ido ba ya iya ƙirga lambobi, ya auna kalmomin aiki, ya kuma kwatanta gargaɗi a lokaci guda. Wanda ya gwada haka zai kama ƙananan kurakurai ya bar manya.

Zagaye na farko: lambobi da jerin matakai

Ga yadda sashen canza baƙin mai ya zo a rubutun da aka kawo:

1. A kashe inji.
2. Ajiye janareta a wurin da babu gangara, ka sa kwano a ƙarƙashin notin tsiyaya.
3. Cire murfin mai, ka kwance notin tsiyaya.
3. Bari man ya tsiyaye gaba ɗaya.
5. Zubar da sabon mai lita 6.
6. Rufe notin tsiyaya.
7. Mayar da murfi. Idan mai bai kai layin sama ba, maimaita mataki na 4.
GARGAƊI: Mai yana da zafi.

Fara da abu mafi sauƙi. Rufe rubutun da wata takarda ka bar lambobin kawai a fili, ka karanta su da baki: ɗaya, biyu, uku, uku, biyar. Nan take ka ga uku ta maimaitu, huɗu kuma babu. Idan ka karanta lambobin tare da jimlolin, hankalinka zai tafi kan ma'ana ya cike giɓin da kansa, shi ya sa ake rufe jimlolin. Amma kada ka yi saurin mayar da uku ta biyu zuwa huɗu ka wuce. Lambar da ta ɓata tana iya nufin abu biyu: ko dai an yi kuskuren bugawa, ko kuma akwai matakin da ya faɗi gaba ɗaya. Ƙirga matakan asali. Idan asali yana da takwas naka yana da bakwai, ba gyaran lamba ke gabanka ba, neman matakin da ya ɓata ne.

A manhajar rubutu mai sa lamba da kanta, matsalar takan zo ta wata fuska. Sabon sashe ya ci gaba da ƙirga daga inda na baya ya tsaya, sai ka ga sashen tsaftace matatar iska ya fara da mataki na 8. Ko kuma hoto ya shiga tsakiyar jeri, sai lambar da ke bayansa ta koma 1. Duba farkon kowane sashe da bayan kowane hoto ko jadawali, nan ne wuraren da jeri yake karyewa.

Bayan lambobi sun daidaita sai ka bi duk inda aka ce "duba mataki na kaza", "koma shafi na kaza" ko "hoto na kaza". Kowanne ka je wurin da ya nuna da idonka. A misalinmu mataki na 7 ya ce a maimaita mataki na 4. Da zarar an gyara lamba, mataki na 4 ya zama "bari man ya tsiyaye", wato an umarci wanda mansa bai cika ba ya sake tsiyaye shi. Abin da marubuci yake nufi shi ne matakin zuba mai. Irin wannan yana faruwa ne idan an ƙara ko an cire mataki bayan an rubuta ishara, aka manta da ita. Idan an yi isharorin da tsarin manhajar Microsoft Word, danna Ctrl+A sannan F9 domin su sabunta, sai ka nemi wannan rubutun a cikin fayil, wanda yake fitowa idan abin da aka yi wa ishara ya goge:

```
Error! Reference source not found.
```

Yanzu sai abin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya fi amfani: aikata matakan. Idan na'urar tana nan, bi umarnin a kanta, ka yi abin da aka rubuta kawai, ba abin da ka sani ba. Idan babu ita, sa zanen sassan a gabanka ka bi da yatsa, bayan kowane mataki ka tambayi kanka halin da na'urar take ciki. Bayan mataki na 3 ramin tsiyaya a buɗe yake. Mataki na 5 ya ce a zuba sabon mai, alhali ba a mayar da noti ba sai a mataki na 6. Wanda ya bi takarda da gaskiya zai ga sabon mansa yana bin tsohon cikin kwano. Lambobin nan biyu a jere suke daidai, babu kuskuren rubutu a cikinsu, saboda haka ƙirga ba za ta kama su ba. Bin halin na'ura ne kaɗai yake tona su.

Wata dabara mai sauƙi a nan ita ce ta haɗa kowane aiki da kishiyarsa. Duk abin da aka cire, nemi inda aka mayar da shi. Duk abin da aka kwance, nemi inda aka ɗaure shi. Abin da aka buɗe, inda aka rufe shi. Yi ɗan alama a gefen takarda idan an cire wani abu, ka soke alamar idan an mayar. Alamar da ta rage a ƙarshen sashe tambaya ce ga injiniya. A notin tsiyaya sau da yawa akwai ɗan zoben ƙarfe mai hana yoyo, kuma marubuta suna yawan mantawa da shi wajen mayarwa saboda su a wurinsu abu ne sananne.

Ka kuma lura da matakan da suka ɗauki aiki fiye da ɗaya. Mataki na 2 da na 3 kowanne yana da biyu. Ƙa'idar rubutun fasaha ta ASD-STE100, wadda aka fara fitarwa a 1986 domin littattafan gyaran jiragen sama, ta ce umarni ɗaya a jimla ɗaya, sai dai idan ayyukan biyu lokaci guda ake yin su, kuma jimlar umarni kada ta wuce kalma 20. Don Turanci aka tsara ta, kuma Hausa takan buƙaci kalmomi fiye da haka wajen faɗin abu guda, saboda haka adadin kalmomin ba abin ɗaurewa ba ne. Dalilin dokar dai yana nan: mai aiki yana ɗaga kai bayan aikin farko, idan ya dawo sai idonsa ya tafi lamba ta gaba, aiki na biyu ya tsallake. Raba mataki gida biyu yana sauya lambobin da ke ƙasa, don haka idan ka ba da shawarar rabawa, ka sake bin isharorin sashen duka.

Akwai kuma akasin haka, wato bayanin da aka ba shi lamba alhali ba umarni ba ne. "Fitilar za ta kunnu" sakamako ne, ba aikin da mai karatu zai yi ba. Wurinsa ƙarƙashin matakin da ya haifar da shi, ba tare da lamba ba. Haka sharaɗi: idan mataki yana da "idan", sharaɗin ya zo a farko. "Idan mai bai kai layin sama ba, ƙara mai" ya fi "ƙara mai idan bai kai layin sama ba", domin mai sauri yana aikata rabin jimla na farko kafin ya karanta na biyu.

Zagaye na biyu: kalmomin umarni

A Hausa akwai hanya huɗu da ake ba da umarni a rubuce: "Kashe inji", "Ka kashe inji", "Ku kashe inji", "A kashe inji". Kowacce tana da kyau, amma littafi ɗaya siga ɗaya zai bi. Rubutunmu ya fara da "A kashe", ya koma "Ajiye", ya shigo da "ka sa". Tambayi mai littafin wacce aka zaɓa. Idan ba a zaɓa ba, siga biyu ne suka fi dacewa: umarni kai tsaye ba tare da wakilin suna ba, ko kuma sigar "a". Duka biyun ba sa ware namiji da mace. Sigar "a" tana da wani amfani na daban, domin hani da ita yana tafiya daidai: "A kashe", "Kada a kunna". Umarni kai tsaye kuwa idan ya zo hani dole ya ɗauki wakilin suna, "kada ka" ko "kada ku", saboda haka sai an yanke shawara a kan wannan ma. Raunin sigar "a" ɗaya ne: wani lokaci ba ta nuna wanda zai yi aikin. "A duba wayoyin ciki" mai na'ura ne zai duba ko ƙwararren mai gyara? Inda aikin na ƙwararre ne, dole a faɗa a fili.

Daga nan sai ka ɗauki takarda ka rubuta kalmar aikin da ta buɗe kowane mataki a littafin, daga farko zuwa ƙarshe, tare da abin da aka yi wa aikin. Aiki ne mai gundura, amma littafi mai shafi talatin da wuya ya wuce kalmomin aiki arba'in. Idan jerin ya cika, abu biyu kake nema. Na farko, aiki ɗaya da aka kira da sunaye da yawa. Na biyu, kalma ɗaya da aka ɗora wa ayyuka da yawa.

Na farkon yakan fito kamar haka: shafi na 6 ya ce "danna maɓalli", shafi na 9 "latsa maɓalli", shafi na 14 "taɓa maɓalli". A makaranta an koya mana guje wa maimaita kalma, shi ya sa marubuci yake canzawa da kyakkyawar niyya. Amma mai karanta umarni idan ya ga sabuwar kalma yana ɗauka sabon aiki ne, sai ya fara tunanin ko taɓawa ta fi dannawa sauƙi. Zaɓi ɗaya, ka daidaita sauran. Inda aikin ya bambanta da gaske, kamar dannawa a saki da dannawa a riƙe na daƙiƙa 3, a nan ne ake so kalmomin su bambanta, kuma su tsaya haka ko'ina.

Na biyun ya fi haɗari. Dubi "rufe" a mataki na 6. An rufe noti, an rufe murfi, an rufe famfon fetur, wani wurin har an "rufe" inji ana nufin kashe shi. Noti ɗaure shi ake yi, kuma bambancin ba na ado ba ne: wanda aka ce ya rufe zai murɗa da yatsa har ya tsaya, wanda aka ce ya ɗaure zai ɗauko sifana. Haka "kwance" a mataki na 3. Sassautawa ake nufi, ko cirewa gaba ɗaya? A wasu ayyukan ana sassauta noti zagaye biyu a bar shi a wurinsa, a wasu ana fitar da shi. Ka ware "sassauta" ga na farko, "cire" ga na biyu, kada "kwance" ta tsaya tsakani tana ɗaukar ma'ana biyu. "Kunna" da "tayar da" su ma haka suke a janareta: mayar da makunni kan ON abu ɗaya ne, jan igiya har inji ya tashi wani abu ne daban.

Hausa tana da wani tarko nata a nan, wanda mai duba rubutun wani harshe ba zai gamu da shi ba. Ƙarshen kalmar aiki yana juya inda aikin ya dosa. "Zuba mai" sawa ne a ciki, "zubar da mai" watsarwa ne. Mataki na 5 ya ce "Zubar da sabon mai", akasin abin da ake nufi, kuma babu manhajar duba rubutu da za ta ja layi a ƙarƙashinsa domin kalmar daidai take a rubuce. Haka "ja" da "janye", "tura" da "ture", "juya" da "juye". Kowace kalma a jerinka ka tambaye ta: ciki take kai abu ko waje?

Sai haruffa masu lanƙwasa. Idan an sauya nau'in rubutu wajen tsara shafi, ɗ, ƙ da ɓ sukan koma d, k da b, ko su zama ɗan akwati. "Baƙin mai" ya koma "bakin mai", wanda mai karatu zai ɗauka ramin da ake zuba mai ne. "Ɗaure" ya koma "daure". Nemi kowace irin wannan kalma da Ctrl+F ta siga biyu, mai lanƙwasa da marar lanƙwasa, ka duba manyan haruffa musamman, domin nau'in rubutu da yawa suna da ƙaramin ɗ amma babu babban Ɗ, kuma kalmomi biyu da suka fi kowanne nauyi a littafin, GARGAƊI da HAƊARI, da babban Ɗ ake rubuta su.

Sunayen sassa suna bin doka ɗaya da kalmomin aiki. "Mai" shi kaɗai a littafin janareta bai isa ba, domin fetur mai ne, baƙin mai ma mai ne, kuma ramukansu biyu ne. "Murfin mai" a mataki na 3 dole ya zama "murfin baƙin mai". Abin da aka rubuta a jikin na'ura kuma, kamar ON da OFF, a bar shi yadda yake harafi da harafi, ko da littafin duka da Hausa yake, domin shi mai karatu zai nema da idonsa.

Zagaye na uku: gargaɗi

A nan hannunka zai yi sanyi. A sauran littafin kana iya gyara jimla don ta yi daɗin karatu, amma a gargaɗi ba ka sauya kalma sai ka tabbata ma'ana ba ta motsa ba, kuma idan akwai shakka, tambaya kake rubutawa a gefe.

Fara da kalmar da ke saman gargaɗin. A tsarin Amurka na ANSI Z535, wanda sashensa na 6 ya shafi littattafan kaya, kalmomin nan matakai ne masu ma'ana tsayayya. DANGER, mai jan launi, yana nufin idan ba a kauce ba za a mutu ko a ji mummunan rauni. WARNING, mai ruwan lemo, yana nufin ana iya mutuwa ko jin mummunan rauni. CAUTION, mai launin rawaya, rauni ne ƙarami ko matsakaici. NOTICE, mai shuɗi, bai shafi raunin mutum ba, yawanci lalacewar kaya ne. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 3864-2 tana amfani da ukun farko da irin wannan ma'ana. Saboda haka littafin Hausa yana buƙatar kalma huɗu tsayayyu, misali HAƊARI, GARGAƊI, HATTARA da LURA, kowacce a ɗaure da takwararta. Ƙirga su: idan asali yana da DANGER uku da WARNING goma sha ɗaya, naka ya kasance HAƊARI uku da GARGAƊI goma sha ɗaya. Adadin da ya saɓa yana nuna an sauke wani gargaɗi daga matakinsa, ko an ɗaga shi, ko ya faɗi. Ɗagawa ma laifi ce. Littafin da ya kira kowane ƙaramin abu HAƊARI yana koya wa mai karatu ya daina tsayawa a kan kalmar, har ya zo kan hayaƙin da ke kisa ya wuce.

Sannan ka duba ko gargaɗin ya cika. Cikakken gargaɗi yana faɗin abin da ke da haɗari, da abin da zai faru idan aka yi sakaci, da yadda za a kauce. "Mai yana da zafi" ya faɗi na farko kawai. Bai ce zai ƙona fata ba, bai ce a jira ba, bai ce a sa safar hannu ba. Idan asali ya faɗi waɗannan aka yanke su don wuri ya ishe, mayar da su. Idan asalin ne bai faɗa ba, ba kai za ka ƙirƙiro minti nawa za a jira ba, rubuta tambaya. Wurin da aka ajiye shi ma kuskure ne. Gargaɗin da ya zo bayan mataki na 7 zai iske mutum ya riga ya sa hannu a mataki na 3. Gargaɗi yana zuwa ne kafin matakin da ya shafa, a shafi ɗaya da shi. Duba ƙarshen kowane shafi ko an raba gargaɗi gida biyu, ko an bar shi a ƙasan shafi matakinsa ya tsallaka na gaba.

Yanzu sai kwatanta kalma da kalma, kuma ƙananan kalmomi ne suka fi ɗaukar nauyi. Ga gargaɗin hayaƙi yadda ma'anar asali take: kada a taɓa kunna janareta a cikin gida ko gareji, ko da ƙofofi da tagogi a buɗe suke, a yi amfani da shi a waje kawai, nesa da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba a ganinta ba a jin warinta, kuma tana kisa cikin mintuna. Ga kuma yadda ya fito a rubutun da aka kawo: "Bai kamata a kunna janareta a cikin gida ba sai an buɗe tagogi. A ajiye shi nesa da gida kamar ƙafa 20. Hayaƙi yana iya cutarwa."

Karanta shi kaɗai, sai ka ji kamar magana ce mai hankali. Amma abubuwa da dama sun sauya. "Kada a taɓa" ya koma "bai kamata ba", hani ya zama shawara. "Ko da tagogi a buɗe suke" ya koma "sai an buɗe tagogi", wato abin da asali ya hana a fili, wannan ya halatta shi. "Aƙalla" ya koma "kamar", iyaka ta zama kintace, mai ƙafa 12 zai ga ya yi kusa da cikawa. Kisa ya koma cutarwa. Kuma an cire cewa iskar ba ta da wari, wanda shi ne dalilin da mutum ba zai dogara da hancinsa ba. Gareji ma ya ɓata.

Don kama irin wannan, ja layi a ƙarƙashin kalmomi iri huɗu a asali da kuma naka, ka haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Kalmomin tilas da hani: dole, kada, ya kamata, ana iya. Kalmomin tabbas: "zai" da "yana iya" ba ɗaya ba ne, kuma su ne suka raba HAƊARI da GARGAƊI. Kalmomin lokaci da sharaɗi: kafin, bayan, har sai, idan, ko da. Kalmomin iyaka: aƙalla, kada ya wuce, kawai, duka. Ka ƙara sa ido a kan "sai", domin tana da fuska da yawa. "Kada a buɗe murfi sai inji ya huce" sharaɗi ne. Idan "kada" ta faɗi, ko aka bar ta a ƙarshen layin sama inda ido zai tsallake, abin da ya rage shi ne "a buɗe murfi sai inji ya huce", wanda ake iya fahimta da cewa buɗewar ce ke sa shi hucewa. Ya fi aminci a rubuta "har sai", ko a juya jimlar: "A bari inji ya huce kafin a buɗe murfi." Haka "da" da "ko": kashe inji da cire wayar fulogi ayyuka biyu ne da ake so duka, "ko" kuwa ta mayar da su zaɓi.

Lambobi a zagayen nan ake duba su, domin lamba marar kyau gargaɗi ce da ta karye. Lita 6 a mataki na 5 ya kamata ta tsayar da kai, tunda ƙaramin janareta ba shi da wurin da zai ɗauki wannan. Jadawalin bayanan fasaha a bayan littafin ya ce lita 0.6. Ɗigo ya faɗi tare da sifilin gabansa, kuma shi ya sa ake rubuta 0.6 kullum, ba .6 ba. Ko da yake amsar a fili take, nuna wa injiniya wuraren biyu ya tabbatar, domin yana yiwuwa jadawalin na wani samfurin ne. Inda aka ba da awo biyu, lissafa da kanka: ƙafa 20 mita 6.1 ce, 140°F kuma 60°C ne. Idan za a cike lamba a gargaɗi, a cike ta ɓangaren da ya fi tsaro, wato mafi ƙarancin nisa a ɗaga shi sama, mafi yawan zafi ko nauyi a sauke shi ƙasa. Kada kuma lamba ta rabu da ma'auninta a ƙarshen layi.

Abu na ƙarshe a wannan zagaye shi ne gargaɗin da ya fito a wuri fiye da ɗaya. Na hayaƙi yakan zo a shafukan tsaro na farko, ya sake zuwa a sashen tayar da inji, yana kuma manne a jikin na'ura. Kwafe su duka ka jera su a takarda ɗaya. Nisa, hani da sakamako su zama iri ɗaya a ko'ina.

Yadda sashen ya koma bayan gyara

Bayan injiniya ya amsa tambayoyin, aka zaɓi sigar "a", sashen ya zama haka:

1. A ajiye janareta a wurin da babu gangara.
2. A mayar da makunnin inji kan OFF.
HATTARA: Baƙin mai mai zafi yana iya ƙona fata. A bari inji ya huce na minti 10 kafin a taɓa notin tsiyaya. A sa safar hannu.
3. A sa kwano a ƙarƙashin notin tsiyaya.
4. A cire murfin baƙin mai.
5. A cire notin tsiyaya da zobensa.
6. A bari baƙin mai ya tsiyaye gaba ɗaya.
7. A mayar da zobe da notin tsiyaya, a ɗaure da sifana.
8. A zuba sabon baƙin mai lita 0.6.
9. Idan baƙin mai bai kai layin sama ba, a ƙara kaɗan kaɗan har ya kai.
10. A mayar da murfin baƙin mai.

Minti 10 da kalmar HATTARA daga injiniya suka fito, ba daga mai duba ba, kuma an rubuta amsarsa a takardar tambayoyi tare da ranar da ya bayar. Ita wannan takarda ka tsara ta yadda za a amsa da kalma ɗaya: shafi, mataki, abin da aka rubuta, abin da ya saɓa masa da inda yake, sannan tambayar. "Shafi na 12 mataki na 5 ya ce lita 6, jadawalin shafi na 28 ya ce lita 0.6, wanne ne daidai?" ana amsa ta cikin minti ɗaya. "A duba yawan mai" kuwa za ta kwana a tebur.

Idan gyare-gyaren sun shiga, karɓi sabon fayil ka sake zagayen lambobi daga farko. Matakai bakwai sun zama goma, saboda haka duk wani shafi da ya ce "duba mataki na 5 na canza baƙin mai" yanzu yana nuna cire noti maimakon zuba mai, kuma ƙarin layukan sun tura shafuka gaba, ta yadda gargaɗin da ke saman matakinsa jiya yana iya kasancewa a ƙasan shafin baya yau.